Yadda za ka hana kira da saƙonni katse maka wasa a waya

Hanyoyi uku kira yake ɓata wa mutum wasa: ƙararsa, allon da yake rufe maka, da kuma datar da yake yankewa. Yawancin mutane ta farko kawai suke toshewa, sannan su yi mamakin ganin wasan ya sandare musu ana tsakiyar gumurzu.

A wayar Android, shiga Settings ka nemo Do Not Disturb, galibi yana ƙarƙashin Sound ko Notifications. Kafin ka kunna, duba sashen mutanen da aka yarda su same ka, ka mai da kira da saƙo zuwa None, ko ka bar waɗanda ka sa wa tauraro kaɗai. Akwai wata ƙofa da ake mantawa da ita, wato Repeat callers: in mutum ya sake kira cikin minti 15, wayar za ta ɗauka lamarin gaggawa ne ta bar shi ya shigo. Mai naci kuwa ba ya kira sau ɗaya. Kashe Repeat callers ɗin, sai fa in kana jiran kiran gida. Daga nan ka shiga wurin da ake ɓoye sanarwa ka hana ta faɗowa a saman allo, domin ko ba ƙara, yatsa yana iya taɓa ta ya fitar da kai daga wasan. Amma ka bar Media sounds a kunne, in ba haka ba wasan ma zai yi tsit.

Yanayin wasa na kamfanin waya ya fi sauƙi, don shi yake kunna kansa da ka buɗe wasa, ya kashe da ka fita. A Samsung, jawo gefen allo ka taɓa alamar Game Booster ka kunna Priority mode, zai tare kira da sanarwa, ban da agogon tashi. A Xiaomi sunansa Game Turbo. Sharaɗin dai ɗaya ne, wasan ya kasance cikin jerin wasannin da manhajar ta sani. In ba ta gane shi da kanta ba, saka shi da hannu.

Masu iPhone su lura da wani ruɗani. Game Mode da ya zo da iOS 18 a 2024 aikinsa ba wa wasa fifiko wajen ƙarfin waya da rage jinkirin Bluetooth, ba shi ne mai tare kira ba. Mai wannan aiki shi ne Focus. Shiga Settings, Focus, taɓa alamar +, zaɓi Gaming, ka tantance wanda zai iya samunka. A ƙarƙashin Add Schedule zaɓi App, ka nuna wasan da kake so ya riƙa tayar da shi. Nan ma akwai Allow Repeated Calls, tazararsa minti 3 ce. In kuma Share Across Devices yana kunne, sauran na'urorinka na Apple su ma za su yi shiru.

Yankewar data ita ce mai wuyar, kuma Do Not Disturb ba ya maganinta, domin rufe wa kira baki kawai yake yi, kiran yana nan yana shigowa ta bayan fage. In layinka ba shi da VoLTE, wato fasahar da take barin kira ya bi ta 4G, waya sai ta sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G kafin ta karɓi kira. A wannan saukar data take tsayawa na wasu daƙiƙoƙi, a 2G ma galibi ba ta dawowa sai kiran ya ƙare, ka ga kuwa wasan intanet ba ya jira. A wayoyi masu layi biyu abin ya fi muni: da yawansu in aka kira layi na biyu, datar na farko ɗaukewa take yi ɗungurungum. Don haka ka kunna VoLTE in wayarka da kamfanin layinka suna da shi, ka kuma kashe layin da ba ka amfani da datarsa a SIM manager har ka gama.

In da Wi-Fi kake wasa, kunna Airplane mode sannan ka sake kunna Wi-Fi da Bluetooth. Kiran layi ba zai iso ba, muddin Wi-Fi Calling a kashe yake. Kiran WhatsApp da ire-irensa ta intanet suke biyowa, don haka har yanzu sai da Do Not Disturb.

Kada ka jira wasan gasa kafin ka gwada. Buɗe wasa, ka sa wani ya kira ka sau biyu a jere ta layi, sau ɗaya ta WhatsApp, kana kallon lambar ping, wato ma'aunin jinkirin intanet, ko za ta yi tsalle. In da hannu kake kunna Do Not Disturb, sa masa wa'adin awa 1 ko 2 a Duration domin ya kashe kansa. In ka yi amfani da Airplane mode, shi ba shi da wa'adi, kai za ka tuna ka kashe shi.