Jawabin Mai Kanti Ga Ma'aikatansa Kan Daina Sayar Da Yogot Da Askirim

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Nasiru, ja ƙofar nan kada wani ya shigo. Baba Isa, ga kujera, ka zauna, wannan magana har da kai.

Na tsayar da ku bayan an tashi ne don ku ji daga bakina kafin ku ji a bakin mutane. Daga ƙarshen wannan wata, in Allah ya kai mu, kantin nan zai daina sayar da yogot da askirim. Ruwa da lemo suna nan. Zan faɗa muku dalili da lissafinsa, domin ku ne za ku tsaya gaban masu saye suna tambayarku.

Na san abin da ke ranku. Duk kantin nan babu inda ake cunkoso kamar gaban firizojin nan biyu, musamman bayan la'asar idan yara sun taso daga Islamiyya. Wanda ya tsaya yana kallo zai rantse nan ne kuɗin yake. To, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ni da Malam Bello mun ɗauko littattafan wata shida, daga Disamba zuwa Mayu, muka ware kowane kaya da cinikinsa da ɗawainiyarsa.

Idan aka raba daidai, a wata muna cinikin yogot da askirim na naira 900,000. Sarinsu yana cin naira 765,000. Saura naira 135,000, wato 15 cikin 100. Da a nan lissafin ya tsaya, da babu kayan da ya kai su riba a wurin nan, don shinkafa da taliya da man girki 8 cikin 100 suke bar mana.

Amma buhun shinkafa ba ya shan fetur. Malam Bello ya duba awannin da janareta ke tashi saboda firizojin nan kawai, wato da dare bayan mun rufe da kuma ranar Juma'a lokacin da muke masallaci, ya samu man ya kai naira 95,000 a wata. Kun san yadda farashin fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Rabonsu a kuɗin wuta naira 30,000. Kawo su cikin sanyi daga wurin dila naira 20,000. Gyara, idan aka raba a kan watanni, naira 12,000. Sai kayan da suka lalace muka zubar, naira 48,000. Jimilla naira 205,000. Ku cire daga 135,000 ɗin nan. Kowane wata muna zaro naira 70,000 daga ribar shinkafa da sabulu muna ciyar da firiza. A wata shida naira 420,000 ke nan.

Wannan na zubarwa shi ya fi ci mini rai. Nasiru, kai ka buɗe firiza ran nan da safe cikin watan Afrilu, bayan janareta ya mutu cikin dare. Robobin yogot sun kumbura, murfin wasu ya ɗaga, askirim ya narke ya bi kwali har ƙasa. Kwali huɗu kuka fitar kai da Sanusi kuna toshe hanci. A Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a bazara, awa kaɗan sun isa su kashe jarin mako guda. Kuma askirim da ya narke ya sake daskarewa ba zan yarda a miƙa wa ɗan kowa ba, ko da mai saye ba zai gane ba. Allah yana gani, kuma ciki ne na yaro.

Hajara ta kawo wata magana mai kyau, ta ce ai kayan sanyin ne ke jawo mutane, in sun shigo sai su sayi wani abu. Na ɗauki maganar da muhimmanci, shi ya sa muka bi rasit na wata biyu ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan masu sayen yogot shi kaɗai suke ɗauka su fita. Masu cefanen wata, waɗanda ke cika bayan mota da shinkafa da sukari da madarar gari, ba askirim ke kawo su ba.

Wani zai ce azumi fa? Gaskiya ne, cikin azumi ciniki ya haura sosai, amma janareta ma bai huta ba, abin da ya rage mana a watan bai kai naira 20,000 ba. Da hunturu kuwa ciniki ya sauko kusan rabi, firiza tana nan tana shan wutarta kamar kullum. Na kuma tambayi masu haɗa sola, suka yi mini kuɗi naira miliyan uku da rabi. Ko an cire kuɗin mai da na wuta gaba ɗaya, ribar wata ba za ta wuce naira 55,000 ba, sai an shekara biyar da wani abu kafin kuɗin su dawo, kafin nan kuma batura sun nemi canji. Ƙara farashi ma ba mafita ba ce, kowa a garin nan ya san kuɗin robar yogot.

Yanzu maganar da na san ta fi damun wasunku. Babu wanda zai rasa aikinsa, babu wanda za a taɓa albashinsa. Nasiru, ɗana, asarar nan ba daga hannunka take ba. Na san dararen da ka taso daga gida ka zo duba janareta ba tare da wani ya aike ka ba. Daga ɗaya ga wata za ka koma sito tare da Malam Bello, kai za ka riƙe littafin shiga da fitar kaya. Jarin da muke kullewa a kayan sanyi zai koma kayan abinci da sabulu. Naira 765,000 a kan 8 cikin 100 kusan naira 60,000 ne a juyi ɗaya, kuma kayan nan muna juya su sau biyu a wata.

Daga Litinin ba za a sake karɓar sabon kaya ba. Dila na yi magana da shi, na biya shi ragowar kuɗinsa, mun rabu lafiya. Abin da ke cikin firiza a sayar da shi a kuɗin sari, a fara da wanda kwanansa ya kusa ƙarewa, wanda ya wuce kwana a kawo mini na gani kafin a zubar. Babbar firizar za a sayar, ƙaramar ta koma ta ruwa da lemo, su ko wuta ta ɗauke ba sa lalacewa.

Idan mai saye ya tambaya, ku faɗa masa gaskiya cikin ladabi: tsadar mai ce ta sa muka daina. Ku kwatanta masa inda zai samu a kan titin nan, kada ku ji ƙyashi. Kada kuma wani ya ce kanti ya karye, bashin kowa ba ya kanmu, alhamdu lillahi.

Littafin yana kan teburin Malam Bello, duk mai son ganin lissafin da idonsa ya je ya duba. Allah ya sa albarka a neman da muke yi. Wanda ke da tambaya ya yi yanzu kafin a kira magariba. Hajara, na ga hannunki, bismillah.