Sanarwa: Za a samu jinkirin tura shinkafa zuwa Litinin 25 ga Agusta

Assalamu alaikum. Kafin ku yi oda, don Allah ku karanta wannan.

Duk odar shinkafa 'yar gida da ta shigo daga Asabar 16 ga Agusta ba za ta tashi daga Argungu ba sai Litinin 25 ga wata, in Allah ya yarda. Wannan ya shafi babban buhu mai kilo 50 da ƙarami mai kilo 25. Waɗanda suka biya kafin ranar 16, kayanku sun riga sun bar tasha.

Dalili shi ne ruwan sama. Tun makon jiya kullum gari a lumshe yake, rana ba ta fitowa ta daɗe. Mu kuwa shinkafarmu sai an jiƙa ta, an turara, sannan a baza ta a kan tamfol ta sha rana kafin a kai inji. Matan da ke mana aikin da sun baza sai hadari ya taso, a kwashe da gudu, gobe a sake. Shanshera tana nan jibge a sito, ba ƙarewa ta yi ba, bushewa ce ta gagara.

Wasu sun ce mu casa haka nan mu turo, ai sauri suke yi. Ba za mu yi ba. Shinkafar da ba ta bushe ba kakkaryewa take a inji, in kuma aka ɗinke ta a buhu da laima, kafin ta kai Kano ta fara tsami, bayan 'yan kwanaki ta yi funfuna. Har yanzu in ka ciji ƙwayar ba ta cewa ƙas, to ba ta yi ba.

Da zarar ta kammala, waɗanda suka riga biya su za a fara ɗora wa. Birnin Kebbi, Jega da Sakkwato a ranar za ta iso. Gusau, Funtuwa, Zariya da Kano a saurare ta Talata ko Laraba. Mutanen Abuja ku ƙara haƙuri kaɗan, motar da ke bi ta Yawuri da Kwantagora ba kullum take cika ba, kuma kun san hanya a damina. Kowa za mu turo masa lambar direba da hoton buhunsa, da sunansa a jiki, a ranar da aka yi lodi.

Farashi yana nan yadda kuka gani, babu ƙarin ko sisi, har kuɗin mota.

Wanda ke da biki ko suna a cikin kwanakin nan, kada ya dogara da mu, gara ya saya a kusa da shi. Idan kun riga kun biya kuma ba za ku iya jira ba, ku turo saƙo da shaidar biyan, za mu mayar muku da kuɗinku cif a ranar.

Mun gode da haƙurinku. Allah ya bar zumunci.