Ƙadangaren da Ya Jawo Gardama

Ɗalibai, barkanmu da safiya. Jiya ɗayanku ya ɗauki hoton ƙadangare a jikin katangar makarantarmu nan Agege. Manhajar wayarsa ta ba shi suna ɗaya, malamin kimiyya ya ce wani jinsi ne daban.

Manhaja hoto kawai take gani, ta kwatanta shi da ɗimbin hotunan da aka koyar da ita, kuma na dabbobin Afirka ba su kai na Turai yawa ba. Ga ƙadangare da rikiɗa: namiji jan kai, mace da ƙanana kuwa ruwan ƙasa. Shi masani yakan ƙirga ɓawon fatar, ya tambayi inda aka gan shi. Su ma masanan sukan sauya suna idan binciken ƙwayoyin gado ya raba jinsi ɗaya gida biyu.

Saboda haka ku ɗauki hoto ta sama da ta gefe, ku rubuta wuri da rana, ku kawo mana.