Yadda ake ciro haruffan farko na sunaye da LEFT, MID da FIND

Malama Bilkisu, barka da aiki. Tunda ke za ki riƙe jadawalin darussa na wannan zangon, ga bayanin da na yi miki alkawari kan gajerun sunayen malamai. Kin san gidajen jadawalin ƙanana ne, cikakken suna ba ya shiga, shi ya sa muke sa haruffan farko kawai: Aminu Sale ya zama AS, Zainab Musa Kumo ta zama ZMK. Malamai 46 gare mu. Da hannu na riƙa yi shekarun baya, kuma duk zangon da aka kawo sabon malami ko aka ɗauke wani sai na sake bi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu Excel ke yi, amma ina so ki gane yadda yake yi, don ranar da ya ƙi ki san inda za ki taɓa.

Ki buɗe fayil ɗin. Sunaye na layin A, na farko a gidan A2.

Harafin farko ba shi da wuya, domin kullum yana bakin hagu. LEFT kike ce wa ya ɗebo miki haruffa kaza daga hagu:

```
=LEFT(A2,1)
```

Idan Aminu Sale ne a A2, zai ba ki A. Shi ke nan aikin LEFT.

Na biyu ne ke da aiki. MID yana ɗebo haruffa daga tsakiyar rubutu, amma sai kin gaya masa abu uku: rubutun, harafi na nawa zai fara, da guda nawa zai ɗauka. Ki ɗora yatsa a kan Aminu Sale ki ƙirga: A ɗaya, m biyu, i uku, n huɗu, u biyar, tazarar da ke tsakanin sunayen shida, S bakwai. Ki lura, tazarar nan ita ma Excel harafi yake ɗaukar ta, yana ƙirga ta kamar sauran. Saboda haka `=MID(A2,7,1)` zai ba ki S. Matsalar ita ce 7 ɗin nan na Aminu ne shi kaɗai. In kika ja fomular zuwa kan Isa Garba, harafi na bakwai r ne. A kan Abdullahi Bappa kuwa ba a ma fita daga sunan farko ba, a za ki samu. Kowane suna da tsawonsa.

Nan FIND ke shigowa. Shi ba ya ɗebo harafi, ƙirge yake yi: ki nuna masa abin da kike nema, ya gaya miki a wuri na nawa yake. Kafin ki haɗa shi da komai, ki gwada shi shi kaɗai a wani gida da babu kowa:

```
=FIND(" ",A2)
```

Tsakanin alamomin zancen nan biyu akwai tazara guda ɗaya, kada ki manne su. A kan Aminu Sale zai ce 6, a kan Isa Garba 4, a kan Abdullahi Bappa 10. Ki ja shi ƙasa ki ga lambobin suna canzawa da kansu. Ni wannan matakin nake tsayar da duk wanda nake koya wa, domin wanda ya ga FIND lamba kawai yake bayarwa, sauran duk ya zo masa da sauƙi. Wanda ya tsallake shi kuwa haddar fomula zai yi, ranar da baka ɗaya ta ɓace ya rasa na yi.

FIND wurin tazara ya nuna mana, mu kuwa harafin da ke bin bayanta muke so, sai mu ƙara ɗaya. Mu cire 7 ɗin da muka rubuta da hannu mu sa FIND a madadinsa, sannan mu liƙa sakamakon a jikin na LEFT da alamar `&`:

```
=LEFT(A2,1)&MID(A2,FIND(" ",A2)+1,1)
```

AS, IG, AB. In kika manta `+1`, MID tazarar zai ɗauko, sai ki ga harafi ɗaya kawai kina mamakin ina ɗayan ya shiga.

To amma mu nan Gombe, yawancinmu sunaye uku gare mu, ga na mutum, ga na mahaifi, ga na gari a ƙarshe: Kumo, Dukku, Bajoga, Deba, Kaltungo. Sai mun nemo tazara ta biyu ke nan. FIND kullum wadda ya fara cin karo da ita yake faɗa, sai dai yana karɓar abu na uku, wato daga inda zai fara nema. Mu ce masa ya fara daga bayan tazarar farko:

```
=FIND(" ",A2,FIND(" ",A2)+1)
```

Ki karanta shi daga ciki zuwa waje, da Zainab Musa Kumo. FIND na ciki ya samu tazarar farko a 7. An ƙara ɗaya, 8, wato kan M. FIND na waje ya tashi daga 8 ya yi gaba, ya samu tazara a 12. Lambar da yake bayarwa daga farkon sunan yake ƙirgo ta, ba daga inda ya tashi ba, don haka in muka ƙara ɗaya muka ba MID, 13 ne, kuma K ke zaune a wurin.

Da duk malamanmu masu suna uku ne da mun gama. Amma ki sa wannan a kan Aminu Sale, FIND zai nemi tazara ta biyu ya rasa, ya rubuta `#VALUE!`, kuma kuskuren zai cinye fomular gaba ɗaya har da A da S da aka riga aka samu. Maganinsa IFERROR, wanda ke cewa in an samu kuskure a sa abu kaza. Mu abin da za mu sa shi ne babu, alamomin zance biyu a manne. Abin kula: ɓangaren da ke iya faɗuwa kaɗai za ki naɗe, ba duka fomular ba. In kika naɗe duka, mai suna biyu gidansa zai fito wayam.

Kafin na ba ki cikakkiyar fomular, sai an wanke sunayen tukuna, domin a nan aka fi shan wuya. Jerin nan hannu da yawa ne suka buga shi, wani a waya, wani a kwamfutar ofis. Wani ya danna tazara sau biyu tsakanin sunaye, wani ya fara da tazara. Irin wannan ba ya kawo `#VALUE!` balle ki farga. Shiru zai yi ya ba ki A da fili a gefensa. TRIM ne ke share tazarar gaba da ta baya, ya mayar da ta tsakiya guda ɗaya. Sai kuma abin da ya shafi rubutunmu: suna irin Hadiza 'Yarbaba, abin da ke bin tazara hamza ce, ita MID zai ɗauko maimakon Y. SUBSTITUTE zai cire ta. Na ware layin B don wannan wankin, ki sa a B2:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,"'",""))
```

Zai cire hamzar Hauwa'u da ta Sa'adu ma, amma ba komai, layin B na aiki ne, ba a buga shi, sunan na asali yana nan a A yadda mai shi ke rubuta shi. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ba su da matsala, Ɗanjuma zai ba ki Ɗ ɗinsa. Shehu dai S kawai za ki samu, Tsoho T, domin Excel bai san sh da ts baƙi guda ba ne a wurinmu.

Yanzu a C2:

```
=UPPER(LEFT(B2,1)
&IFERROR(MID(B2,FIND(" ",B2)+1,1),"")
&IFERROR(MID(B2,FIND(" ",B2,FIND(" ",B2)+1)+1,1),""))
```

Na raba ta layi uku ne don ki ga gaɓoɓinta, ke ki buga ta a jere. UPPER na mayar da ƙananan haruffa manya, saboda masu rubuta suna da ƙaramin baƙi. Idan shugaban makaranta ya ce yana son ɗigo, Z.M.K., ki sa `&"."` bayan LEFT, sauran biyun kuma ki sa shi a cikin IFERROR, daf da bakar da ta rufe MID. In kika sa a waje, Aminu Sale zai fito A.S.. da ɗigo biyu. In kuma kwamfutar ta ƙi karɓar fomular tun daga farko, ki gwada `;` a madadin waƙafi, wasu haka aka saita su.

Akwai abin da fomula ba ta sani ba, ke kika sani. Ba ta san Malam, Alhaji, Hajiya da Dakta laƙabi ba ne, sai ta mayar da Malam Isa Garba MIG. Ki cire su da `Ctrl+H` tun a layin A, amma ki haɗa kalmar da tazarar da ke bayanta. In kika nemi Malam tsura, zai gutsure Malama ya bar miki a, ya kuma lalata sunan duk wani Malami. Haka Abdul Rahman Yusuf da aka raba: ARY zai fito, alhali in an rubuta Abdurrahman a haɗe AY ne. Ki tambayi mai sunan wanda yake so. Masu suna huɗu su biyu ne kawai a cikinmu, fomular ukun farko take ɗauka, kuma ban ga amfanin cusa FIND na uku cikin na biyu saboda mutum biyu ba.

Za ki ji wasu na cewa `Ctrl+E` ya fi sauri: ki rubuta misali ɗaya ko biyu, Excel ya cika sauran. Gaskiya ne, yana nan tun Excel 2013. Sai dai hasashe yake yi, yakan ruɗe in sunaye biyu da uku sun gauraya, kuma in kika gyara suna daga baya abin da ya cika ba ya canzawa. Fomula kuwa tana bin sunan.

Saura abu ɗaya, kuma ina roƙon ki kada ki buga jadawali ba ki yi shi ba. Haruffan farko suna karo da juna, musamman a wurinmu da Muhammad, Musa, Maryam, Abubakar, Adamu da Aliyu suka yi yawa. Wani zango na fitar da jadawali da MA har biyu ban lura ba. Ranar Litinin da safe malamin lissafi da malamar Hausa suka haɗu a ƙofar aji ɗaya, kowa da allinsa a hannu, wani ajin kuma yana zaune babu kowa har aka buga ƙararrawa. Laifina ne, kuma na ji kunyar yaran da suka rasa darasin. Tun daga ranar na ƙara layin D:

```
=COUNTIF(C:C,C2)
```

Duk inda kika ga lambar da ta wuce 1, akwai karo. Ki ƙara wa ɗayansu harafi na biyu na sunansa, da hannu ko da `LEFT(B2,2)`, Musa Adamu ya zama MUA, ki kuma gaya masa baki da baki kafin a liƙa takardar a ofishin malamai.

In komai ya daidaita, ki kwafi layin C ki sauke shi a shafin jadawali da Paste Special, ki zaɓi Values, don haruffan su tafi ba fomular ba. Sababbin malamai uku da aka kawo makon jiya ban riga na sa su ba, takardarsu na cikin aljihun tebur na sama. Ki ƙara su a ƙasan layin A, ki ja B, C da D su sauka har kansu. Allah ya taimaka.