Bayani game da ni da aikina na lauya a Ikeja, Legas

Assalamu alaikum. Ni lauya ce mai zaman kanta, ofishina yana Ikeja, ba nisa da Babbar Kotun Jiha. Na karanta shari'a a Jami'ar Bayero ta Kano, na yi Makarantar Horar da Lauyoyi a reshenta na Legas, aka rantsar da ni a 2012. Tun daga lokacin nan nake aiki. Ina cikin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, reshen Ikeja. Ina magana da Hausa da Ingilishi, ina jin Yarabanci gwargwado. Yawancin masu zuwa wurina 'yan kasuwa ne da direbobi da iyalai daga Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende.

Aikin da ya fi cin lokacina shi ne rikicin haya. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce idan babu wata yarjejeniya daban, mai biya wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara kuma wata shida. Bayan nan akwai notis na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwashe rufi don ya kori ɗan haya. Amma dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja ba, shi ya sa tambayata ta farko kullum ita ce: a ina gidan yake? Ina tsaya wa masu gida, ina tsaya wa 'yan haya, sai dai ba a rikici guda ba.

Sai fili da gida. Ina binciken takardu a ofishin filaye da ke Alausa kafin a biya kuɗi, ina rubuta takardar ciniki, ina bin neman amincewar Gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Don Allah a zo kafin a biya. Wanda ya riga ya miƙa kuɗi ga 'yan gado biyu cikin bakwai, rasit ɗinsa ba ya hana sauran biyar ɗin tasowa.

Ina kuma karɓar maganar bashi. Na san yadda cinikinmu yake: an sauke buhun albasa ɗari a kan amana, babu takarda sai littafin dillali mai maiƙo a gefe, da saƙon murya na WhatsApp inda mutum ya ce "Alhaji, a ƙara mini haƙuri zuwa Juma'a." Kada a goge irin wannan saƙo, kada a yar da rasit ɗin banki. Bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba yana iya zuwa kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018. Sau da yawa ina fara ba da shawarar sulhu, domin shari'a tana raba mutanen da gobe za su sake haɗuwa a kasuwa ɗaya. Ina yin rajistar kamfani da sunan kasuwanci a hukumar CAC, da takardun wasiyya da na kula da dukiyar mamaci, da neman beli. Ba na karɓar shari'ar zaɓe ko ta haraji. Idan ita ce ta kawo ku, zan faɗa tun ranar farko.

Ba za ku ga adadin shari'un da na ci a nan ba. Ƙa'ida ta 39 cikin Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya ta hana mu tallar yawan nasara, da yabon ingancin aikinmu, da gwada kanmu da wasu lauyoyi. Ina bin ta da zuciya ɗaya, domin alƙali ne ke yanke hukunci bisa hujjar da ke gabansa, kuma shari'ar wani ba ta auna taku. Ana yawan tambayata, "Barista, za mu ci?" Amsata ita ce in nuna inda hujjarku take da ƙarfi, da inda take da rauni, da abin da za a kashe. Sunayen waɗanda na yi wa aiki amana ne, ba na ambatonsu.

Abin da ke hannuna shi nake alkawari: kuɗin aiki a rubuce kafin mu fara, rasit ga duk abin da aka biya, da bayani da Hausa bayan kowane zaman kotu, ko da ɗagawa kawai aka yi.

Ina ganin mutane Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma, saboda safiya ta kotu ce. Ku taho da katin shaida da duk takardar da ta shafi maganar, har wadda kuke ganin ba ta goyon bayanku. Wanda ba ya karatun boko yana iya zuwa da wanda ya amince da shi, zan karanta masu kowace takarda kafin a sa hannu.