Raba Riba da Asara a Bankin Musulunci da Bashi Mai Kuɗin Ruwa: Wa Ke Ɗaukar Asara?

Wannan takarda tana kwatanta hanyoyi biyu na ba ɗan kasuwa jari. Ta farko ita ce bashi mai kuɗin ruwa, inda banki ke yanke ƙarin da za a biya shi tun ran da aka ƙulla yarjejeniya. Ta biyu ita ce mudaraba da musharaka, inda rabon banki ke rataye da abin da kasuwa ta haifar. Tushen bambancin a shari'a shi ne aya ta 275 ta Suratul Baƙara, wadda ta halatta ciniki ta haramta cin riba, wato kuɗin ruwa. Malaman fikihu sun gina ƙa'ida a kai: wanda zai ci amfanin dukiya, shi ya kamata ya ɗauki haɗarinta.

A mudaraba, wadda Malikawa suka fi sani da ƙiradi, ɗaya ne ke kawo jari, ɗayan ya kawo aiki. Ana raba riba bisa kason da aka amince da shi, kuma bai halatta a yanke wa ɗayansu wani adadi tsayayye ba. In an faɗi, asarar kuɗi ta mai jari ce, mai aiki kuwa wahalarsa ce ta tafi a banza, sai fa in an tabbatar da sakaci ko ha'inci a kansa. A musharaka kowa na zuba jari, asara kuma tana bin gwargwadon abin da kowa ya zuba.

A ƙaddara wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya karɓi naira miliyan 10 na shekara guda. Da kuɗin ruwa kashi 25 cikin ɗari, zai mayar da miliyan 12.5, ko kasuwa ta yi kyau ko ta ƙi. Da mudaraba wadda banki ke da kashi 40 na riba, in ya samu ribar miliyan 4, banki zai ɗauki miliyan 1.6. In kuwa kaya suka karye ya yi asarar miliyan 2, banki ne zai karɓi miliyan 8 ya haƙura. A tsarin ruwa, da ana binsa miliyan 12.5 alhali takwas ce a hannunsa. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da masu yabon mudaraba ba su cika ambata ba. In ribar ta kai miliyan 8, kason banki ya zama miliyan 3.2, ya zarce kuɗin ruwan. Ke nan ɗan kasuwar da ya tabbata zai samu riba mai tsoka bashi ya fi masa araha, wanda ke shakkar kasuwarsa shi ne zai fi neman abokin raba asara.

Wannan na cikin dalilan da suka sa aiki ya sha bamban da abin da aka tsara. Tun daga gwajin banki marar kuɗin ruwa da Ahmad al-Najjar ya yi a Mit Ghamr ta Masar a 1963, zuwa kafa Bankin Musulunci na Dubai a 1975, masanan farko sun ɗauka raba riba da asara ne zai zama ginshiƙi. Amma murabaha ce ta mamaye harkar a yawancin ƙasashe: banki ya sayi kaya, ya sayar wa abokin hulɗa da ƙayyadadden ƙari, a biya daga baya. Ciniki ne halastacce a wurin malamai, domin banki ya mallaki kayan kafin ya sayar, amma ta fuskar lissafi abin da ke biyo baya bashi ne tsayayye. A Najeriya ma, inda bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, murabaha da ijara, wato bayar da haya, aka fi gani.

A ganina babban cikas shi ne sanin gaskiyar riba. Mai ba da bashin ruwa jingina ya fi dubawa. Mai mudaraba kuwa dole ya san nawa aka sayar, nawa aka kashe, alhali 'yan kasuwa da yawa ba sa ajiye cikakken littafin lissafi, kuɗin shago da na cefane a aljihu ɗaya suke. Bin diddigin wannan yana cin kuɗi da ma'aikata. Ga shi kuma jarin na masu ajiya ne, waɗanda za su iya kwashe kuɗinsu su koma wani banki in suka ji an yi asara. Shi ya sa bankunan suka fi sakin jiki da mudaraba wajen karɓar ajiya, inda su ne masu juya kuɗin, fiye da wajen bayar da jari, inda asarar za ta faɗo kansu.