Bakwai Marar Ɗamara

Ranar Alhamis, 4 ga Janairu 1973, kowa ya tashi daga ofis sai Malam Isiyaku. Hazo ya lulluɓe Kano tun da safe, ƙura na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa sosai tana kwanciya a kan fayiloli. Kwana huɗu ke nan da fam da sule suka ba wa naira da kobo wuri, kuma gobe da hantsi za a kai sabon jadawalin albashi baitulmali.

Aikin a baki ba shi da wuya. Fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya kobo goma, sisi kobo biyar. Ka ɗauki abin da mutum ke karɓa a shekara, ka ninka shi biyu, shi ke nan. Amma ma'aikata 286 ne, kowa da shafinsa a cikin manyan rajistoci huɗu, kuma jerin rajista daban, jerin jadawali daban. Sati uku aka yi ana kwafa. Yakubu, yaron da aka ɗauka wata shida da suka wuce, shi ya buga a tafireta. An yi bita, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da rula. Babban akawu ya sa hannu, sakatare ya sa hannu, an gurza kwafi goma sha biyu.

Ba wanda ya ce wa Malam Isiyaku ya sake dubawa. Aikinsa ajiye takarda ne, ba lissafin kuɗi ba. Sai dai yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun teburinsa, inda yake rubuta jimillar albashin shekara duk lokacin da aka ɗauki wani, ko aka ƙara wa wani, ko wani ya bar aiki. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Layin ƙarshe na watan Disamba ya ce fam 68,412. Ya ninka a bayan wani tsohon ambulan, ya samu naira 136,824. Ya duba ƙasan shafin ƙarshe na jadawali, ya ga 136,704.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Lambar ba ta canja ba. Naira 120 sun ɓata a tsakanin rajista da tafireta.

Ya fara zargin kansa, kamar yadda ya saba. Ya sake ninkawa. Ya tara jadawalin daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama, har aka kira la'asar. Tarawa daidai take. Ya yi salla a barandar ofis, ya dawo ya bi layi-layi yana duba ninkin, ko an yi kuskure wajen mayar da fam naira. Nan ma babu. Ashe tun wajen kwafa aka yi tuntuɓe.

Ya zauna yana kallon 120 ɗin nan. Rabinta 60, wato fam 60. In kuskure ɗaya ne, to a gidan goma yake, kuma tsakanin lambar gaskiya da ta ƙarya akwai shida. Ko an ga 6 an ɗauka 0, ko 8 ta zama 2, ko 9 ta zama 3, ko kuwa 7 ta zama 1. Ya ɗauki fensir ya ɗiga wa duk layin da gidan gomansa ke da 0 ko 1 ko 2 ko 3. Sun haura ɗari. Ya jawo rajista ta farko.

Ana cikin haka ƙofa ta yi ƙara. Baba Tanko masinja ne, da makullai a hannu da mayafi a kafaɗa.

"Malam, ba a tashi ba? Sanyi fa ya fara saukowa."

"Saura kaɗan, Baba. Bar mini makullin, zan rufe."

Tsohon bai tafi nan take ba. Ya laluba aljihu ya fito da sabuwar takardar naira ɗaya, ya miƙa ta kusa da fitila. "Malam, don Allah, wannan ita ce sule goma? Ɗazu a Rimi mai hatsi ya ce mini haka, amma ka san 'yan kasuwa."

"Ita ce, Baba. Biyu su ne fam."

"To, Allah ya sa albarka a cikinta. Mutanenmu na Ɗambatta bana ba su samu komai ba, gero ya bushe a tsaye. Buhu ɗaya nake so in aika musu in an yi albashi." Ya ajiye makullan, ya yi sallama.

Magariba ta yi, isha ta yi. Malam Isiyaku ya gama rajista ta farko da ta biyu bai ga komai ba. A ta uku, idonsa ya fara yaji. Ya buɗe shafin Tanko, masinja, ya duba layin ƙarshe, ya ga 111, ya duba jadawali ya ga fam 111, naira 222, ya ce daidai. Har ya juya shafin. Sai hannunsa ya tsaya.

Ya dawo baya. Layin da ke sama, na shekarar da ta gabata, 165 ne. Na samansa 159. Kowace shekara fam 6 ake ƙara wa mutumin nan. Wanda yake kan 165 ba ya komawa 111 sai in an rage masa matsayi, kuma Baba Tanko, shekara ashirin da shida yana kai takardu a keke, ko takardar tuhuma ɗaya babu a fayil ɗinsa. Ya matso da rajistar ƙarƙashin fitila, ya karkata ta. A saman lambar tsakiya akwai ɗan kan bakwai, siriri kamar gashin gira, inda bakin alƙalami ya karci takarda tawada ba ta sauka ba. 171 ne. Naira 342.

Ya yi lissafin wata. Abin da ya kamata a ba tsohon shi ne naira 28 da kobo 50, wato fam 14 da sule 5 ɗin da ya saba karɓa. Abin da jadawali zai ba shi naira 18 da kobo 50. Naira 10 cif duk wata, fam biyar, fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne 18 ta fi 14 a kunne. Za a ƙirga wa Baba Tanko kuɗin a hannu, ya ji lamba ta ƙaru, ya yi godiya. Sai ya je gaban mai hatsi zai ga ba su kai ba, kuma a lokacin wa zai saurari masinjan da bai yi boko ba a kan takarda mai sa hannu biyu? Saura shekara biyu ya ajiye aiki, fansho kuma a kan albashin ƙarshe ake yanka shi.

Sannan ya duba gefen layin, inda mai rubutu ke sa haruffan sunansa. Nasa ne. Shi ya rubuta bakwai ɗin nan da hannunsa a watan Afrilu.

Ya rufe ofis ya hau keke. Har ya wuce Ƙofar Nassarawa bai ji sanyin ba.

Da safe ya riga kowa zuwa. Alhaji Garba, babban akawu, yana shigowa ya bi shi da rajista a hammata.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara a shafi na shida."

Alhaji ya duba agogo, ya duba damin takardun da aka riga aka ɗaure da jan zare. Ya saurara har ƙarshe, ya sa tabarau ya ga kan bakwai ɗin da kansa, ya yi tsaki.

"Isiyaku, sakatare ya sa hannu. Yau Juma'a, ƙarfe goma zai fita. A bari takarda ta tafi, wata mai zuwa a rubuta gyara a biya shi ariyas."

"Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin takardar da ta shiga baitulmali. Gyaran ɗan sandan ƙofa na bara wata bakwai ya yi yana yawo. Kuma tsohon nan hatsi zai aika gida."

Alhaji ya yi shiru. Can ya ce, "Wa ya buga? Yaron nan ne ko? Kira mini shi. Wanda bai san ɗaya da bakwai ba me yake yi a kan tafireta?"

"Abin da ya gani ya buga. Ni ma jiya ɗaya na karanta. Rubutuna ne, ga haruffana a gefe. In za a rubuta wani abu a fayil, nawa za a ɗauko."

Alhaji Garba ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Sun yi shekara goma sha ɗaya a ɗaki guda, bai taɓa kama shi da ko waƙafi ba. Ya jawo takarda ya tura masa.

"Rubuta yadda aka yi, ka sa hannu, in sa a ƙarƙashi. Ka ce wa Yakubu ya ciro sitansil na shafi na shida da na ƙarshe. Ni zan tare sakatare."

Yakubu ya shafa jan ruwan gyara a kan lambobin, hannunsa na rawa, ya hura har ya bushe, ya buga 171 da 342, ya gyara jimilla ta koma 136,824. Suka juya injin gurza tare, ɗaya na murzawa ɗaya na kwashewa. Goma saura kwata sakatare ya sa hannu a tsaye, a kan murfin motarsa. Aka ɗaure damin, aka kira masinja.

Baba Tanko ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaure a bayan keke, ya tambaya ko akwai amsar da zai jira. Aka ce babu, ya dai tabbata an buga masa hatimi a littafin kai saƙo.

Da yamma Malam Isiyaku ya tuna wasiƙun ɗan kawunsa da ke aiki a Maraɗi. Mutanen can, da yake karatun Faransa suka yi, duk bakwai ɗinsu sai sun gicciya mata layi a ƙugu kamar ɗamara. Ya ɗauki ambulan ɗin jiya ya gwada sau goma, har hannunsa ya saba. Ya jefar da tsohon bakin alƙalamin a kwandon shara.

Ranar biya, bayan an sha Babbar Sallah, ya tsaya kusa da tagar ma'aji yana riƙe da bauca. Da layi ya zo kan Baba Tanko, aka ƙirga masa goma biyu, biyar ɗaya, ɗai-ɗai uku, da takardar kobo 50. Ya dangwala yatsa. Ya matsa gefe ya jera su a tafin hannu, leɓensa na motsi, yana mayar da su sule. Ya kasa, ya sake. Sai ya ɗago.

"Malam, nawa ke nan a kuɗinmu na da?"

"Fam 14 da sule 5, Baba."

"Kamar kullum ke nan."

"Kamar kullum."

Tsohon ya ware naira goma ya sa a aljihun ciki, sauran ya ƙulle a bakin mayafi, ya tura kekensa ya nufi Rimi.